Me ke ɗaga fetur daga kofin kafireto zuwa cikin inji?

Tambaya: "Ina noman rani na shinkafa a fadamar Argungu da ƙaramin injin ban-ruwa. Bakanike ya ce babu wani famfo a kafireto, iska ce ke jan mai zuwa sama, kamar a famfon filit. Yaya iska ke jan ruwa? Kuma me ya sa injina ba ya tsayawa da kyau sai na bar rabin cok a rufe?"

Malam, bakanikenka ya yi gaskiya, sai dai kalmar "ja" ita ke rikita mutane. Iskar da ke gudu ba ta da hannun da za ta kamo fetur. Abin da take yi kawai shi ne rage matsin da ke kan bakin bututun mai. Wanda ke yin aikin ɗagawa ita ce iskar waje, wadda ke zaune shiru tana danne man da ke cikin kofin kafireto. Ita ke tura shi sama. Duk cutar da kafireto ke yi, ka bi ta a hankali, za ka tarar ɗaya daga uku ce ta samu matsala: ko ƙarancin matsin da ke sama, ko iskar da ke dannewa a ƙasa, ko hanyar da ke tsakaninsu.

Iskar da muke ciki tana da nauyi. A bakin teku tana danna kowane santimita ɗaya murabba'i da nauyin kusan kilo ɗaya, wanda a lissafi ake cewa faskal 101,325. Wannan matsin zai iya riƙe ruwa a tsaye cikin bututu har mita 10.3, ba ƙari. Manoman fadama sun san wannan a aikace ko da ba su san lissafin ba. Idan ruwan rijiyar burtsatse ya yi ƙasa a watan Afrilu, injin ya daina kawo ruwa duk da yana ruri, sai a haƙa rami a saukar da shi ciki. Dalili shi ne injin bai taɓa jan ruwa ba tun farko. Yana rage matsin cikin mesa ne, iskar waje ta turo ruwan, kuma ƙarfin turawarta yana da iyaka, wanda a aikace ba ya wuce mita 7 zuwa 8. Kafireto ma haka yake, bambancin kawai shi ne ta wace hanya ake rage matsin, da kuma cewa tsayin da ake bukata bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba.

Ka cire matatar iska ka leƙa cikin maƙogwaron kafireto, za ka ga ramin yana da faɗi a baki, ya tsuke a tsakiya, ya sake buɗewa. Duk iskar da ta shiga ta baki dole ta wuce ta wannan matsattsen wuri, don ba ta da wata mafita, kuma ba ta taruwa a ciki. To idan hanya ta ragu kuma yawan mai wucewa bai ragu ba, dole a ƙara sauri, kamar ruwan gulbi idan ya iso ƙarƙashin gada. Sai a tambaya, me ya ƙara wa iskar sauri? Abu ba ya ƙara gudu sai an tura shi, kuma babu abin da ke tura iska a cikin bututu sai bambancin matsi, wato na bayanta ya fi na gabanta. Saboda haka duk inda ka ga iska ta fi gudu a kan hanyarta, nan ne matsin ya fi ƙasa, domin faɗuwar matsin ce ta ba ta gudun. Daniel Bernoulli ne ya rubuta wannan alaƙa a 1738, sannan Giovanni Battista Venturi ya yi gwaje-gwajen matsattsen bututu ya wallafa a 1797, shi ya sa ake kiran wannan maƙogwaro da sunansa.

Ga lissafin, idan iskar ta taso daga inda take tsaye cik:

```
Δp = ½ × ρ × v²
```

Δp shi ne yawan matsin da ya ragu, a faskal. ρ nauyin iska ne, kusan kilo 1.2 a kowace mita kubik ɗaya, wato lita 1,000, ko ƙasa da haka kaɗan a zafin bazara. v kuma gudun iska ne, mita a daƙiƙa. Abin da ya kamata ka riƙe a nan shi ne gudun ana ninka shi da kansa. Idan gudu ya ninka biyu, matsin da ya ragu zai ninka huɗu. Idan gudu ya koma kashi ɗaya cikin shida, abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin 36.

Mu gwada da irin injin da ya cika fadamun Kebbi, mai silinda ɗaya, mai cin santimita kubik 163 na iska a zuƙa guda, yana juyi 3,600 a minti. Irin wannan inji sau ɗaya yake zuƙa a juyi biyu, wato zuƙa 30 a daƙiƙa. Silinda ba ta cika fal, don haka mu ce lita 4 ta iska ke shiga a daƙiƙa. Mu ɗauka faɗin maƙogwaron milimita 14 ne. Idan ka raba, gudun zai zo kusan mita 26 a daƙiƙa. Amma fistan ba ya zuƙa koyaushe, kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin kawai yake yi, saboda haka a daidai lokacin zuƙar gudun yana kai wajen mita 100 a daƙiƙa. Sa shi a lissafi: rabin 1.2 sau 100 sau 100 ya ba da faskal 6,000. Wannan kashi 6 cikin 100 ne kawai na matsin iskar waje, amma ya isa ya ɗaga fetur sama da santimita 80 a tsaye, tunda santimita ɗaya na fetur faskal 73 kawai yake nema. Ɗaga man ya ci ɗan kaɗan, ragowar ƙarfin duka ya tafi wajen tunkuɗo shi ta jet, wato ɗan ramin da mai ke bi daga kofi ya hau, wanda faɗinsa a irin wannan inji kusan milimita 0.7 ne.

Akwai wani kyakkyawan dace a nan wanda shi ya sa kafireto ke aiki ba tare da wani ya auna masa komai ba. Yawan iskar da ke wucewa da yawan man da ke fita ta jet, duka biyun bambancin matsi ɗaya ke tafiyar da su, kuma da irin ƙa'ida ɗaya. In matsin ya ragu ninki huɗu, iska ta ninka biyu, mai ma ya ninka biyu. Haɗin da fetur ke ƙonewa tas da shi kusan kilo 14.7 ne na iska ga kilo ɗaya na mai, wato lita ɗaya ta fetur tana neman wajen lita 9,000 ta iska. Idan ka bi lissafin lita 4 a daƙiƙa, injin zai sha kusan lita ɗaya da rabi a awa in an ɗora masa cikakken aiki, wanda bai yi nisa da abin da ake gani a gona ba.

Yanzu batun cok. Lokacin da kake jan igiya, mu ce injin yana juyi 600 a minti, kashi ɗaya cikin shida na gudunsa. Faskal 6,000 ɗin nan ya koma kusan 170, wanda da ƙyar zai ɗaga fetur santimita biyu. Man zai iso bakin bututu yana ɗiga maimakon feshi, ga inji da sanyi, ɗan abin da ya shiga ya manne a jikin ƙarfe bai zama tururi ba. Cok wani faifai ne a gaban maƙogwaro. In ka rufe shi, ka toshe wa iska hanya, sai fistan ya zuƙe abin da ke ciki, matsi ya faɗi sosai a duk bayan faifan ko da gudun iska bai kai ba. Mai ya fito da yawa, iska ta shigo kaɗan, inji ya tashi. Da ya ɗauki zafi kuma, cok ya gama aikinsa, a buɗe shi duka.

To injin da ya yi zafi amma yake mutuwa ko yake hawa da sauka da zarar an buɗe cok, yana gaya maka abu ɗaya ne: man da yake samu bai kai iskar da yake sha ba. Rabin cok ɗin da kake bari yana rage iska tare da ƙara zuƙa, ya cike giɓin. Ba magani ba ne, kuma yana rage wa injin ƙarfi, ruwan da ke fita a mesa ya ragu. Abubuwa uku ke kawo haka, kuma gara a bi su daga mai sauƙi.

Na farko, man ba ya isowa kofi yadda ya kamata. A ƙasan kofin kafireto akwai ɗan ƙusa na zubar da mai. Kashe inji, ka bari ya huce, ka tara kwalba mai haske, ka buɗe makunnin mai, ka kwance ƙusan. Ya kamata man ya zubo a jere ba yankewa. In ya fara da ƙarfi sannan ya koma ɗigo, buɗe murfin tanki ka gani. Idan ya dawo da gudu, ɗan ramin numfashi na murfin ne ya toshe, iska ba ta shiga ta maye gurbin man da ya fita. In bai dawo ba, duba ragar da ke cikin tanki da ɗan kofin tara datti da ke ƙasan makunni. Sannan ka ɗaga kwalbar ka duba gindinta. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a ƙasa kamar ƙwallon gilashi, kuma daga ƙasan kofi jet ke ɗiba. Man jarka da ya kwana a buɗe ko aka zuba da mazubi mai laima yakan zo da shi.

Na biyu, kuma shi ya fi yawa, jet ya toshe. Ramin milimita 0.7 ba ya bukatar wani babban datti. Ƙwayar yashi, ɓarɓashin tsatsar tanki, ko danƙon da fetur ke bari idan inji ya kwana da mai tun ƙarshen noman rani har kaka, duk sun isa. Jet biyu ne a ciki. Babban yana cikin sandar da ke tsakiyar kofi, a samansa kuma akwai wani siririn bututun tagulla mai ƙananan ramuka a jiki, wanda ke gauraya man da 'yar iska kafin ya fito, don ya tarwatse da kyau kuma kada haɗin ya yi kauri in gudu ya yi yawa. Ƙaramin jet kuwa, wanda raminsa bai kai rabin milimita ba, shi ke ciyar da inji lokacin da totur ke kusan rufe, domin a lokacin iskar maƙogwaro ba ta da gudun kirki, sai a yi amfani da ƙarancin matsin da ke bayan faifan totur. Wannan ya ba ka hanyar ganewa. Idan injin yana hawa da sauka lokacin da ba ya ɗauke da ruwa, amma ya daidaita da mesa ta cika, ƙaramin jet ne. Idan yana silo lafiya amma ya shaƙe da an ba shi wuta ko ruwa ya hau, babban jet ne ko bututun da ke kansa.

Wajen wankewa ake ɓata kafireto da yawa. A kwance jet, a jiƙa shi a fetur mai tsabta ko maganin wanke kafireto, a hura shi da iska, a ɗaga shi wajen haske a ga rami zagaye tas. In dole sai an zura wani abu, a zare silin tagulla guda daga cikin wayar wuta, don ba ya cin jikin jet. Allura ko wayar ƙarfe kuwa faɗaɗa ramin suke yi. Daga 0.7 zuwa 0.8 ido ba zai ga bambanci ba, amma filin da mai ke bi a ramin ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, man da ke wucewa ma haka. Injin zai tashi da sauƙi, mai shi ya yi murna, daga baya ya ga baƙin hayaƙi a salansa, fulogi na yin baƙi kamar gindin tukunya, kuma galan ba ya kai inda ya saba kaiwa. Jet ɗin da aka faɗaɗa ba ya gyaruwa, sai sabo mai lamba ɗaya da na asali.

Na uku, iska na satar hanya. Tsakanin kafireto da kan inji akwai gasket da wani ɗan faifan roba mai tauri. In gasket ya yage, ko faifan ya tsage saboda an ɗaure noti fiye da kima, fistan zai zuƙi wata iska ta nan wadda ba ta bi ta maƙogwaro ba. Illar biyu ce: iskar da ta shiga ba ta ɗauko mai ba, sannan wadda ke bi ta maƙogwaro ta ragu, zuƙarta ta yi rauni. Irin wannan inji yana zafi fiye da kima, bakin fulogi ya yi fari, wani lokaci ya riƙa tari ta kafireto. Wanke jet sau goma ba zai warkar da shi ba.

Kishiyar matsalarka ma tana da amfani ka sani, musamman da hunturu. Matatar iska da ƙura ta cika daidai take da cok da aka manta a rufe, a kafireton da kofinsa ke numfashi daga waje: iska ta ragu, zuƙa ta ƙaru, mai ya yi yawa. Wasu sai su cire matatar su jefar, injin ya washe, su ɗauka sun yi gyara. Ƙurar da za ta shiga daga nan ita ke cinye zoben fistan cikin ɗan lokaci. Soson a wanke shi da ruwan sabulu, ya bushe sarai, a ɗan shafa masa baƙin mai a matse. Haka kuma kofin yana da ramin numfashinsa, ta nan iskar da ke danna man ke shiga, kuma zanzaro kan toshe irin waɗannan ramuka da laka idan inji ya daɗe a ajiye. In ya toshe, babu mai turawa, man ya riƙa zuwa yana yankewa. Tsayin man a cikin kofi kuwa aikin fulot ne, wato abin da ke yawo a saman man, da allurarsa. In allurar ta ci ko datti ya hana ta rufewa, man ya haura ya riƙa tsiyaya ta maƙogwaro ko inji a kashe. Ajiye inji a karkace a bakin rami ma yana sauya wannan tsayin, don haka a daidaita masa wuri.

Famfon filit dangin kafireto ne, amma akwai wani bambanci da littattafai kan tsallake. A filit babu matsattsen maƙogwaro da ya kewaye bututun. Iska na fitowa daga ɗan rami ta ratsa kan bakin bututun da ya nutse a gwangwani. Iskar da ta riga ta fito fili, matsinta daidai yake da na iskar da ke kewaye da ita komai gudunta, don haka ba gaskiya ba ne a ce duk iska mai gudu matsinta ƙasa yake. Abin da ke faruwa shi ne bakin bututun ya tsaya a kan hanyarta, ta lanƙwasa ta haye shi, tana kwashe iskar da ke bakin tana tafiya da ita, sai matsi ya faɗi a daidai wurin. Shi ya sa saitin bakin ya fi ƙarfin hannu muhimmanci. In bututun ya lanƙwashe ya yi ƙasa da layin iskar, ba abin da zai hau. In ya yi sama har iska na bugun cikinsa, sai ta bi ta ciki ta yi kumfa a gwangwani. Za ka iya gwadawa da tsinken shan lemo: yanka shi biyu, tsoma ɗaya a kofi, ka hura da ɗayan a kan bakinsa daga gefe. Ruwan da ke santimita 10 ƙasa da baki yana neman faskal 980, wato gudun da bai gaza mita 40 a daƙiƙa ba, don haka gajeren tsinke da cikakken kofi sun fi saurin fesawa. Dalilin ke nan filit ke rauni idan magani ya kusa ƙarewa, ko fatar fistansa ta bushe tana zubar da iska, ko ramin numfashin murfinsa ya toshe. Bindigar fenti mai kofi a ƙasa, irin ta masu fentin mota da ƙofofi, ita ma haka: ɗan ramin da ke murfin kofin in busasshen fenti ya rufe shi, sai ta riƙa tofi tana yankewa, fenti mai kauri kuma ba ya hawa sai an sirka shi da tina.

Famfon goyo mai lita 16 da ake feshin ciyawa da shi a gonar shinkafa ba ya cikin wannan sahu, kada a haɗa su. Hannun da kake bugawa famfo ne na gaske, yana matsa ruwan maganin cikin wani ɗaki mai iska a sama, iskar da ta matsu ta tunkuɗo shi ta baki. Idan ya ƙi feshi, roba ko bawul ko ragar baki za a duba.

Game da injinka, fara da ƙusan zubar da mai da kwalba, wannan minti biyar ne kuma ba ka kwance komai ba. In mai na zuwa a jere kuma babu ruwa a gindin kwalba, kwance jet biyun da bututun tagulla ka wanke. In bayan haka har yanzu yana neman cok, canza gasket ɗin bayan kafireto ka duba faifan robar ko ya tsage. Idan noman rani ya ƙare za ka ajiye shi, rufe makunnin mai ka bar injin ya yi ta aiki har ya mutu da kansa, sannan ka zubar da ɗan abin da ya rage a kofi.